Akawu Haliru da Tagwayen Turanci

Duk wanda ya zauna a Zangon Lome kafin a fara maganar jam'iyyu da yawa ya san Akawu Haliru, ko bai san sunansa ba ya san tafiyarsa. Dogo ne siriri, jakar fata a hammata, jan alƙalami a aljihun gaba, yana takawa a hankali kamar mai tsoron ya taka ƙwai. Ba ya fashin jam'i, ba ya cin bashin goro, ba a taɓa jin muryarsa a bakin famfo ba. Irin mutanen nan ne da duniya ke mora a ɓoye, in sun faɗi kuma ba mai waiwaye.

A Kumasi aka haife shi, jikan fataken goro ne daga ƙasar Kano. Ya yi makarantar midil a can, ya kama aikin akawu a kantin wani Kwara ɗan Labanan. Ran nan gwamnatin Gana ta ce baƙi su fita. Mutumin da aka yanke cibiyarsa a Kumasi, wai shi ne baƙo! Aka loda shi a babbar mota da matarsa Ajaratu da akwatin ƙarfe guda, suka sauka a Lome, ƙasar da kowa ke Faransanci, shi kuwa ko gaisuwa bai iya da shi ba. Abin da ya tsallako da shi kaɗai Turancin Ingila ne, shi ne jarinsa, shi ne gonarsa.

Alhaji Amidu ya tsince shi. Alhaji yana da kamfanin fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa, yana kuma wakiltar wasu Turawan Landan masu sayen ƙwarar kaɗanya. Ma'aikatansa duk 'yan Faransanci ne, in wasiƙar Landan ta zo sai a yi ta yawo da ita gari. Haliru ya zama bakin Alhaji da kunnensa a wajen Ingilishi. Da aka rushe tsohon Zango na tsakiyar gari, aka watso mutane can arewa bayan Agwe, masu gidaje ne suka sami fili. Ɗan haya irin Haliru ko taku ɗaya ba a auna masa ba. Alhaji ya gina gida a sabon Zango, ya ware ɗakuna a baya don ma'aikatansa, ya ba Haliru ciki da falo. Ba a karɓar haya, amma kowa ya san ƙa'idar: ɗakin na mai aiki ne. Ranar da ka bar ofis, ranar za ka fara ɗaure kaya. Allah bai ba su haihuwa mai rai ba, babu ɗan da zai ce musu ku taho wurina. Ɗakin nan shi ne iyakar abin da Haliru da Ajaratu suke da shi a bayan ƙasa.

Shekaru suka tura. Alhaji ya tsufa, ya miƙa ofis ga surukinsa Tchakoura, ɗan Sokode, wanda ya yi karatun kasuwanci, yana jin Turanci daidai gwargwado, ba kuma mugu ba ne, sai dai mutum ne mai ƙirga amfanin kowa kamar yadda ake ƙirga buhu. A zamaninsa ne Turawan Landan suka aiko da kwamfuta. Suka ce telis, na'urar buga saƙon waya, ya yi tsada, wasiƙa ta yi nawa, daga yanzu saƙo ta injin za a riƙa aikawa, abin da yau ake ce wa imel. Aka jona ta da layin tarho ta wani ɗan akwati mai kuka kamar an shaƙe kaza. Aka koya wa Assana, mai buga tafireta, yadda ake sarrafa ta. Cikin kayan har da faifai mai ƙamus ɗin Turanci: in ta gama buga saƙo sai ta danna wani maɓalli, injin ya bi kalmomi ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ba ta cikin ƙamus ya tsaya a kanta ya kawo waɗanda yake zaton ana nufi.

Tchakoura ya ga haka, ya tafi wurin Alhaji ya ce injin ya iya gyaran Turanci, shi ma yana iya tsara saƙo da kansa, to Akawu na mene ne? Alhaji ya sa aka kira Haliru.

"Akawu, an ce ƙarfe ya gaje ka."

"Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ka san sojan da ke shingen hanyar Agwe?"

"Wa bai san shi ba."

"In ka nuna masa katin shaida, ya ga hoto ya ga hatimi, sai ya ce wuce. Ba ya tambayar gidan da za ka, naka ne ko na maƙwabcinka. To haka injin nan yake. Ita dai kalma ta zama tana da kati."

Ya yi wa Alhaji bayani da Hausa. Turanci yana da wasu kalmomi da shi ke kira tagwaye. Akwai principal, su ne iyayen gidanmu na Landan da muke wakilta, akwai kuma principle, wato ƙa'ida. Akwai ensure, ka tabbatar kaya sun tafi, akwai insure, ka yi musu inshora. In ka ce za ka effect payment, biya za ka yi. In ka ce abu zai affect payment, taɓa biyan zai yi, ya jinkirta shi ko ya rage shi. Kowace ɗaya kalma ce ta halal, tana cikin ƙamus, injin ba zai tsaya a kanta ba ko an ajiye Hassan a shimfiɗar Husaini. Sau da yawa Bature zai gane abin da ake nufi, sai dai ya raina ka a zuci. Wani lokacin kuma ba zai gane ba, ya zauna yana zaton an yi wa kaya inshora alhali ba a yi ba.

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta goce. "Sojan shinge! A bar min Akawu. Ya riƙa duba tagwayen."

Tchakoura bai yi musu ba. Da suka fito ya ce, "Tsoho, ka ji dai. Tsara saƙo nawa ne, bugawa na Assana, gyaran rubutu na inji. Kai tagwaye kawai. Kada ɗaya ta wuce ka."

Haka aikin mutum na shekara da shekaru ya tsuke ya koma kan 'yan baƙaƙe biyu uku a kai ko wutsiyar kalma. Haliru ya ce alhamdu lillahi, don ɗaki ya tsira.

Abin da Alhaji bai sani ba, Tchakoura bai sani ba, shi ne idon Akawu ya riga ya fara tafiya. Ciwon suga ne, ya daɗe da shi. Ba makanta ce ta dare ɗaya ba. Yana ganin hanya, yana ganin mota, yana gane mutum da tsayinsa da rigarsa. Amma duk abin da ya ƙura wa ido, tsakiyarsa sai ta narke kamar an ɗiga ruwa a kan tawada. Ya sake tabarau, bai yi ba. Ya je asibiti, likita ya haska ya ce ba yanar ido ba ce balle a kankare, jijiyoyin can ciki ne suka lalace, a kiyaye abinci kada ya ƙaru. Ajaratu ta bi masu magani har kasuwar Hédzranawoé, aka ɗiga wannan aka shafa wancan, kuɗin ƙosan da take sayarwa suka tafi a banza.

"Malam, ka gaya wa Alhaji," in ji ta. "Mutumin nan ba zai wulaƙanta ka ba."

"Alhaji ba zai wulaƙanta ni ba. Zai ce Allah ya sawwaƙe, ya ba ni riga, ya ce in huta. In na huta a ina za mu kwana?"

Ta san gaskiya ya faɗa.

Da takarda ce da sauƙi, yana da gilashin ƙara girma a jaka, zai kai ta bakin taga ya bi ta baƙi-baƙi. Amma Tchakoura ya hana fitar da saƙo a takarda kafin a aika, wai takardar injin daga waje ake sayo ta. A allon injin za a duba, koren rubutu siriri a kan baƙi, yana rawa. Gilashin ma bai taimaka ba, ƙwayoyin haske kawai yake nuna masa. Ga shi kuma ba a jira. Da can wasiƙa takan kwana a teburinsa. Yanzu Landan su aiko da hantsi, suna son amsa kafin azahar.

Assana ce ta fara ganewa. Bazawara ce mai 'ya'ya uku, bakinta ba linzami, amma cikinta fari. Ta ga yana kai fuska jikin allo har hancinsa na barin tabo.

"Baba Akawu, sumbatar injin za ka yi? Bari in gaya wa Inna Ajaratu."

"Ke dai ba ki da kunya. Hasken ne ya yi yawa."

Ta dube shi, ta dubi ƙofar ofishin Tchakoura, ta rage murya. "Zauna nan kusa da ni. Ka riƙa kallon allo kamar kana karantawa. Ni zan karanta maka a hankali."

Aka ce gani ya kori ji, to nan ji ne aka sa ya yi aikin gani, kuma ba zai iya ba. Ai abin da ya sa tagwayen suka zama tagwaye ke nan: a kunne ɗaya suke. Principal da principle ko a bakin Baturen Landan ba su da bambanci, balle a bakin Assana da ta yi makarantar Faransanci, wadda affect da effect duk “afek” take ce musu. Abin da inji ba ya gani, shi ne daidai abin da kunne ba ya ji. Wannan kuwa shi kaɗai aka bar wa Haliru.

Sai suka yi dabara. Tana karantawa, in ta zo kan wadda yake zargi sai ya taɓa tebur da jan alƙalaminsa.

"Tsaya. Wutsiyarta?"

"P, A, L."

"Iyayen gida ke nan. Wuce. Tsaya. Kanta?"

"E."

"A'a, nan taɓawa ake nufi, ruwan sama zai taɓa lodi. Sa A."

"Kai Baba, ni ma fa Hassana ce, amma ban taɓa wahalar da mutane kamar waɗannan ba."

"Ke ai an san ki da baki. Su ba su da tsaga."

Wani lokaci su yi dariya ƙasa-ƙasa, musamman in injin ya tsaya cak a kan sunan Tchakoura ko Lome ya ce bai san su ba, alhali ya bar ɓarna ta wuce a layin sama. Amma dabarar tana da rami. Haliru yana tsayar da ita ne a kan kalmomin da ya san halinsu. In yatsanta ya zame ta buga form a wurin from, injin zai bari, ita kuma idonta zai karanta abin da ta yi niyya, ba abin da ta buga ba, ya wuce ta kunnensa lafiya lau. Ya san haka. Kullum in saƙo ya tafi, ɗan akwatin ya gama kukansa, sai ya ji kamar ya sa hannu a takardar da bai karanta ba. Mutumin da a da ko waƙafi ba ya wuce shi. Ya rame, ya daina zama hira bayan la'asar. A motar haya ta komawa Zango yakan rufe ido yana jera tagwaye a zuci, yana neman wadda ya manta bai tambaya ba.

Sun ci damina guda a haka, suka shiga rani. Wa ya sani, da sun ƙara shekara.

Sai aka yi babban baƙo. A zamanin nan in baƙon gwamnati zai sauka, jam'iyya takan aiko a ba da mutane, kowane ofis da kasonsa, a sa musu atamfa iri ɗaya su jeru a bakin titi suna rawa suna tafi tun safe har rana ta ƙone su. Ba a cewa a'a. Uwar 'ya'ya uku, mai aikin yi, a ɗauke ta a kai ta rawa don wani ya wuce cikin mota da gilashi a rufe! Sunan Assana ya fito. Ta biyo ta teburin Haliru da atamfarta a hannu.

"Baba, gobe ka ce ba ka da lafiya."

"Gobe jirgin kaɗanya ke lodi. In ban zo ba ranar da aka fi bukatata, me zan ce ina yi a nan?"

Ya zo. Wajen hantsi Landan suka aiko suna tambaya ko kamfani ya yarda da sabon tsarin biya. Tchakoura ya zauna a kujerar Assana ya buga amsa da yatsa biyu, ya danna maɓallin ƙamus, injin ya bi ya ce babu kuskure. Ya karanta wa kansa da ƙarfi, kamar yadda ya saba, yana jin daɗin Turancinsa. Haliru na tsaye a bayansa ya kasa kunne, ya ji saƙon sarai. A ciki akwai inda aka ce an yarda in principle, akwai kuma inda aka ambaci our principals. Tagwaye biyu a saƙo ɗaya, daga hannun mutumin da Faransanci ya saba masa da rubuta principal.

"Tsoho, duba mini da sauri, layi na jira."

Haliru ya sunkuya. Kore ne kawai ke iyo a gabansa. Abin da ya kamata ya yi a fili yake: ya ɗan jima, ya gyaɗa kai, ya ce daidai ne. Ko da kuskure, wataƙila Bature ya yi murmushi ya wuce, ba mai ji. Ya san haka, har ya buɗe baki zai faɗa. Ajaratu ta faɗo masa a rai, da ɗakin, da gadon ƙarfensu. Amma shekara nawa yana cin abincin gidan nan a kan cewa in ya ce daidai ne, to daidai ne. Harshensa ya ƙi.

"Direkta, ta farkon nan, da me ta ƙare?"

"Ga ta a gabanka."

"Na'am. Ina nufin, P, L, E ka sa, ko P, A, L?"

Tchakoura ya juyo ya dube shi da kyau. "Nuna min ita."

Haliru ya ɗaga yatsa. Ya ajiye shi a inda yake zaton layi na biyu yake. Yatsan ya sauka a ƙasa, inda babu rubutu ko ɗaya.

Tchakoura bai yi tsawa ba, da ma ya yi. Ya ce a hankali, "P, L, E na sa. Ta biyun P, A, L, S."

"To daidai ne," in ji Haliru. "Duka daidai ne."

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima."

"Wa ke karanta maka?"

"Ba kowa. Da ka nake yi."

Tchakoura ya san ƙarya ce, ya kuma bar ta, don yana bukatar Assana. Ya aika saƙon.

Bayan sallar Juma'a Alhaji Amidu ya kira Haliru zaure. Ya yi masa jaje da gaske, har idonsa ya kawo ruwa. Ya ce me ya sa bai faɗa ba tun da wuri, kamar faɗar za ta canza wani abu. Ya ba shi babbar riga da ɗan abin sa wa a aljihu, ya ce ya huta, ya yi wa kamfani abin da ba mai iya biya. A ci moriyar ganga a ya da kwaurenta, amma da addu'a da sa albarka, wai don kada a ce an yi rashin mutunci. Maganar ɗaki Alhaji bai iya furta ta ba. Tchakoura ne ya aiko daga baya: an ɗauki wani malamin makaranta daga Aflao, can bakin iyakar Gana, da zai riƙa duba saƙo, yana da iyali, zai shigo bayan Babbar Salla.

Assana ta zo gidan da yamma da ledar lemo, ta tsaya a bakin ƙofa tana share ido da gefen mayafi.

"Baba, da ka ce daidai ne kawai. Ai daidai ɗin ne ma!"

"Ban sani ba a lokacin."

"To wa zai sani?"

Ajaratu ce ta amsa daga bakin murhu, ba ta ko ɗago ba. "Bar shi, 'yar nan. Haka na aure shi."

Sun nemi ɗaki a Zango, haya ta fi ƙarfin kaskon ƙosai. Wani ɗan ƙanen Ajaratu mai sayar da gawayi a Hédzranawoé ya ce akwai rumfa a bayan shagonsa, ta kwano, ba taga, in za su iya. Kwana biyu bayan Salla, naman layya bai gama bushewa a igiya ba, aka kawo amalanke. Maƙwabta suka taya lodi, kowa na cewa sai haƙuri, ba mai cewa ku zo nawa. Gadon ƙarfen bai shiga rumfar ba, aka sayar da shi a nan bakin hanya.

Ajaratu ta ɗora kasko a ka, ta kama hannun rigarsa.

"Malam, akwai kwata a gabanka. Ɗaga ƙafa."

"Ina ganinta," in ji shi. "Manyan abubuwa ina gani."

Suka bi bayan amalanken.